Yadda za a saita FIFA a PS4 ga wanda ba ya bambance ja da kore, da wanda yatsunsa ba su cika ba

Ɗanjuma Mai Gem: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina da shagon gem a Jekadafari, PS4 ne a ciki, kuma yawanci FIFA ake bugawa. Abu biyu ne suka dame ni. Na farko, akwai wani matashi da ya iya buga ƙwallo sosai, amma duk ranar da abokin karawarsa ya ɗauki jar riga shi kuma yana da koriya, sai ya riƙa miƙa wa abokan gaba ƙwallo da kansa. Yara suna ta yi masa dariya, shi kuma ya rantse rigunan iri ɗaya yake ganinsu. Na biyu, wani yaro ne da injin markaɗe ya cinye masa yatsu biyu na hannun dama, manuniya da na tsakiya. Babban yatsansa lafiya lau, yana fasin yana shot, amma ba ya iya danna R2, don haka ɗan wasansa ba ya gudu. Ba na son su daina zuwa. Wanda ya san abin yi ya taimaka.

Abba Tumfure: Oga Ɗanjuma talabijin ɗinka ce ta fara mutuwa. Tamu ta gida haka ta yi, fuskar mutum ta koma kore. Ka kai wa mai gyara ya duba fanel ɗin.

Ɗanjuma Mai Gem: Abba, ai da talabijin ce da kowa zai gani haka. Mutum goma na zaune suna kallo, shi kaɗai ne ba ya bambancewa.

Sadiƙu Bolari: Makantar launi ce wannan. Su irin waɗannan mutanen fari da baƙi kawai suke gani, kamar tsohuwar talabijin. Ka shiga Accessibility a PS4 ɗin ka kunna Invert Colors, shi ke nan.

Babawuro: Sadiƙu, sunan abin ka faɗa daidai, amma sauran ba haka yake ba. Ni nan ina da ita, kuma ina ganin launi. Shuɗi da rawaya ina ganinsu tar. Inda matsalata take shi ne ja, kore, ruwan ƙasa da ruwan goro, in duhunsu ya zo ɗaya sai su narke su zama abu guda a idona. In ka ajiye min jar riga da koriya a gabana da rana tsaka, sau da yawa zan iya faɗa maka wacce ce wacce. Amma a FIFA ɗan wasa bai kai tsawon ɗan yatsa ba, yana gudu, a kan koren fili, kuma cikin ƙiftawar ido za ka yanke shawarar wanda za ka ba. A nan abin yake kama ni. Invert Colors kuwa na gwada, fili ya koma wani irin launi mai ɗaukar ido, rigunan da suka yi kama da juna kuma suna nan da kamarsu. Ba don irinmu aka yi shi ba.

Anti Rabi: Babawuro ya yi gaskiya. Ina aiki a ɓangaren ido, muna ganin irin wannan, yawanci sai an zo gwajin neman aiki mutum yake sanin yana da ita. Gado ce, kuma ta wajen uwa take zuwa wa ɗa namiji, uba ba ya ba ɗansa namiji. Shi ya sa ta fi yawa a maza nesa ba kusa ba. A Turawa ana lissafin kusan namiji 1 cikin 12, mace kuwa 1 cikin 200. A baƙar fata ba ta kai haka ba, amma akwai ta, kuma shagon da maza suke cika shi kullum ba zai rasa mutum ɗaya ko biyu ba. Wanda ba ya ganin launi kwata-kwata yana da wuyar samu ƙwarai. Ɗanjuma, ka ce wa matashin ya je a yi masa gwajin Ishihara, wancan littafin mai ɗige-ɗige da lambobi a ɓoye a ciki, 'yan mintuna ne. Wadda aka haifi mutum da ita ba ta da magani kuma ba ta ƙaruwa. Amma in da can yana gani daidai daga baya abin ya same shi, wannan wata magana ce daban, kada ya yi wasa da zuwa asibiti.

Malam Usman Mai Gyara: Ɗanjuma, bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, mu fara da mai launin. A cikin FIFA ɗin kanta, ba a setin PS4 ba, ka shiga Game Settings ka nemi shafin Accessibility. Za ka ga Color Blindness, a ciki akwai Protanopia, Deuteranopia da Tritanopia. Na farko na wanda idonsa ya gaza wajen ja ne, na biyu wajen kore, na uku wajen shuɗi. Na biyun ya fi yawa a cikin mutane, na ukun kuwa da wuya ka haɗu da mai shi. Kada ka zaɓa masa, kuma kada ka tambaye shi wacce iri yake da ita, don wataƙila bai sani ba. Ka sa ƙungiyoyin nan biyu da suke ruɗa shi a fili, ka tsayar da wasa, ka canza, ka dawo, ya faɗa maka da bakinsa a wanne ya fi rabe su.

Sai dai ka san iyakar abin tun yanzu. Wannan setin launin allon gaba ɗaya yake juyawa, fili da 'yan kallo da riguna. Ku kuma talabijin ɗaya mutum biyu suke kallo, don haka abokin karawarsa ma zai ga launin ya canza, kuma wani zai ce bai yarda ba. Ni abin da na ga ya fi aiki, kuma ba ya taɓa kowa, shi ne a gyara tun a wurin zaɓen jesi. Ɗaya ya sa mai haske, ɗaya ya sa mai duhu. Fari da baƙi, fari da shuɗi mai duhu, rawaya da shuɗi. Idon da ba ya rabe ja da kore yana rabe haske da duhu kamar na kowa.

Babawuro: Wannan ita ce maganar. Ni na daɗe da daina kunna wancan setin, jesi kawai nake canzawa. Abu ɗaya zan ƙara: a duba wando da safa, ba riga kaɗai ba. Akwai ranar da riguna sun bambanta amma dukkan ƙungiyoyin farin wando ne, in aka cunkushe a gaban raga lokacin kwana, wandunan nake fara gani sai in rikice. Kuma ja da baƙi ba haɗi ne mai kyau ba. Ku kuna ganin ja yana walƙiya, amma wanda matsalarsa ta wajen ja ce, duhu-duhu yake ganinsa, sai ya matso kusa da baƙin.

Sadiƙu Bolari: To amma ai akwai tabarau na musamman da ake sayarwa, na ga bidiyo mutum ya sa ya fashe da kuka don ya ga launi. A saya masa a huta.

Anti Rabi: Akwai su, ƙanena, amma ba sa dawo da abin da ido bai da shi. Wani ɓangaren haske suke tacewa, sai wasu launuka su ɗan ƙara rabuwa ga wasu mutanen, wasu kuma ba sa ganin wani bambanci. Ga tsada. Kuɗin da za a kashe a kansu, canza jesi kyauta ya fi su amfani a wannan shagon.

Ɗanjuma Mai Gem: Malam Usman, ni da nake gani daidai, ta yaya zan san jesi biyu za su ruɗa shi? Kunya yake ji, ba kullum zai buɗe baki ya ce a canza ba, musamman in shago ya cika.

Malam Usman Mai Gyara: Akwai dabara mai sauƙi. In an fito da jesin biyu a allo, ɗauki hotonsu da wayarka ka mayar da hoton fari da baƙi. In suka fito toka iri ɗaya, to akwai haɗari, a canza ɗaya. In ɗaya ta fito kusan fari ɗaya kusan baƙi, ka wuce kawai. Ba daidai yake da abin da idonsa yake gani ba, amma yana nuna maka ko akwai bambancin haske, wanda shi ne abin dogaro. Ka zauna ranar da babu mutane ka gwada ƙungiyoyin da aka fi ɗauka a shagonka, ai ba su da yawa, za ka haddace su.

Kuma ka gaya wa masu dariyar cewa ko a ƙwallon gaske abin yana faruwa. A watan Janairun 2021 da Liverpool ta karɓi Manchester United a Anfield, Liverpool da ja, United da wani kore mai duhu, masu wannan matsalar da yawa sun yi ta ƙorafi cewa ba su iya rabe ƙungiyoyin a talabijin ba.

Babawuro: Na kalli wasan nan a gidan kallo a Pantami. Safa nake bi da ido har aka tashi. Ɗanjuma, in za ka ji tawa, kada ka mayar da abin nasa shi kaɗai. Ka sa ya zama dokar shago, kowa da kowa, ɗaya haske ɗaya duhu. In ka ce "a canza saboda wane", ka ƙara tona shi ne a gaban yara.

Malam Usman Mai Gyara: Yanzu yaron mai yatsu. A tsarin Classic, babban yatsan dama shi ke fasin da shot da kuros da turu, wannan ba shi da matsala a nan. R2 gudu, R1 kuma shot na lanƙwasa da kiran abokin wasa ya matsa wa mai ƙwallo. A hagu, L1 canza ɗan wasa, L2 kare ƙwallo da tsare mai zuwa. Abin da ya rasa R1 da R2 ne, kuma a cikinsu gudu ne ba a iya wasa sai da shi. Don haka gudu zai koma hagu. Ka shiga Controller Settings a cikin FIFA ka musanya R2 da L2. Manuniyarsa ta hagu tana kan L1, yatsan tsakiya yana kan L2 yana gudu, babban yatsa yana kan sanda. Zai ji baƙon abu kwanakin farko, don yawancin mutane da yatsa ɗaya suke danna L1 da L2, shi kuwa dole ya koyi sa biyu.

In ka ga Analog Sprint a irin FIFA ɗin da kake da ita, ka kashe masa. In yana kunne, ƙarfin gudun yana bin zurfin dannawa ne, yatsan tsakiya kuma zai iya gajiya ya riƙa sassautawa bai sani ba. In a kashe yake, da ya taɓa ɗan wasa zai zura da gudu.

Sadiƙu Bolari: Me ya sa ba za a sa gudun a L1 ba? Ya fi kusa, ya fi sauƙin dannawa. Canza ɗan wasa kuma a bar wa kwamfuta, ai akwai Auto Switching.

Malam Usman Mai Gyara: Ana iya yin haka, kuma ga wanda yatsa ɗaya kawai yake iya sawa a hagu ita ce hanya. Amma akwai abin da za a biya. In ka sa Auto Switching a kan Auto, gem ɗin ne yake zaɓa maka mai tsaron baya, wani lokaci kana bin mutum da wannan sai ya ƙwace ya ba ka wancan, gibi ya buɗe. Yana iya gyarawa da sandar dama, tunda babban yatsansa na aiki, ya karkata ta wajen wanda yake so. Sai dai wannan yatsan ne dai yake takil, aiki ya yi masa yawa. Ni na fi son ya rasa kare ƙwallo da ya rasa canza ɗan wasa. Amma hannunsa ne, a ba shi duka biyun ya gwada.

Sadiƙu Bolari: Ni ban yarda ba. Wanda ba shi da L2 ba zai iya tsaron gida da wanda ya iya yanka ba, za a riƙa wuce shi ne kawai. Gara a bar masa L2 ɗinsa.

Malam Usman Mai Gyara: Maganarka tana da ƙarfi, ban musa ba. Wasu suna mayar da kare ƙwallon kan L3, wato danna sandar hagu ciki, amma danna sanda kana kuma juya ta yana da wuya, kuma yana saurin kashe fad, ni nake gyara su na sani. Duk inda aka bi sai an bar wani abu, maɓallai huɗu ne na sama yatsu biyu suka rage.

Abba Tumfure: Ba a setin PS4 ake canza maɓalli ba? Ni can na sani.

Malam Usman Mai Gyara: Akwai shi, Abba, tun 2015 aka ƙara shi. Settings, Accessibility, Button Assignments, ka sa alama a Enable Custom Button Assignments. Amfaninsa shi ne yana aiki ko a gem ɗin da bai ba da damar canza komai ba. Illarsa biyu. Gem ɗin bai san ka canza ba, don haka allo zai ci gaba da rubuta R2 alhali L2 ake nufi, mai koyo sai ya ruɗe. Sannan yana bin ka duk gem ɗin da ka shiga, in an fita daga FIFA aka sa na faɗa ko na mota, maɓallan suna nan a juye. In wani ya zo yana cewa fad ya lalace, gudu ya koma hagu, nan za ka fara dubawa kafin ka kawo min. Shi ya sa na ce a fara da na cikin gem, sai in babu a koma na na'ura.

Adamu Kumo: Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Ni kurma ne, zazzaɓi ya tafi da jina ina firamare. FIFA ba ta dame ni ba, ƙwallo ba ta buƙatar kunne. Matsalata gem masu labari. Oga Ɗanjuma, in kana da su ka bar Subtitles a kunne kullum, shago da ƙarar janareta ko mai ji ba ya jin maganar. Kuma kada a ruɗe da Closed Captions na setin PS4, wannan na bidiyo ne, ba ya sa rubutu a gem. Kowane gem a cikinsa ake kunna nasa.

Kunna rubutun ma ba shi ke nan ba. God of War na 2018 da ya fito rubutunsa ƙanana ne har mutane suka yi ƙorafi, daga baya aka ƙara wurin ƙara girman rubutu. A talabijin inci 32 kana zaune a benci na baya, wahala ce. Abin da nake dubawa a gem shi ne ko zan iya ƙara girma, ko zan iya sa baƙin bango a bayan rubutu don kada farin rubutu ya ɓace a kan farin wuri, da ko yana rubuta sunan mai magana. In babu suna, mutum uku na magana ban san wa ya ce me ba. The Last of Us Part II na 2020 ya yi wannan duka, har da ɗan kibiya da ke nuna ta inda mai maganar yake. Amma yawancinsu magana kawai suke rubutawa. In ana harbi a bayana ko wani yana tahowa, babu abin da zai gaya min sai na ga jinina na raguwa.

Babawuro: Malam Adamu, a waya fa? Ni a PUBG Mobile ina sa Deuteranopia, yana taimaka min.

Adamu Kumo: PUBG Mobile yana nuna sawun ƙafa da alamar harbi a ƙaramar taswira, da shi nake wasa. Sai dai idona yana rabuwa biyu, ina kallon taswira a kusurwa ana harbina a tsakiya. Fortnite ya fi, in ka kunna Visualize Sound Effects alamar tana fitowa a zagaye a tsakiyar allo. Abin da ya fi ci min rai shi ne duk rubutun nan Turanci ne, kuma da sauri yake wucewa. Ni na yi makaranta ina bi. Abokaina kurame da yawa da maganar hannu suka tashi, Turancin rubutu bai zauna musu ba, kafin su gama layin farko an ɗauke. A gem ɗin da muke bugawa babu mai Hausa.

Anti Rabi: Allah sarki. Ɗanjuma, game da yaron nan mai yatsu, ka riƙa lura. In ya fara yarfe hannun hagu ko yana murza wuyan hannu, ya huta. Aikin hannu biyu aka ɗora wa ɗaya.

Sadiƙu Bolari: Na ga akwai fad na musamman na nakasassu, ba sai a nema ba?

Malam Usman Mai Gyara: Akwai. Microsoft ta fitar da Xbox Adaptive Controller a 2018, faffaɗa ne, yana da ramuka 19 a baya da ake jona maɓalli daban-daban, har wanda ake takawa da ƙafa. Sony ta fitar da Access controller a Disambar 2023, amma na PS5 ne, ba ya aiki a PS4. Kuma kuɗinsu da na kawowa ya fi ƙarfin shagon unguwa. Abin da ya fi kusa da mu shi ne Back Button Attachment na DualShock 4, ana maƙala shi a ƙasan fad ya ba ka maɓalli biyu a baya, ka ɗora musu duk wanda kake so. In yatsunsa biyu na ƙarshe a dama suna da ƙarfi, zai iya danna na daman, sai a ɗora masa abin da ya rasa, gardamata da Sadiƙu ta ƙare. Matsalar ita ce samunsa, kuma sai fad na asali.

Ɗanjuma Mai Gem: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Dokar jesi zan rubuta ta in manna a bango yau. Yaron kuma in ya zo da yamma za mu gwada L2 da L1 ɗin duka, ba zan karɓi kuɗin wasan gwaji ba. Saura abu ɗaya. Muna shirya gasa bayan sallah, kuma akwai waɗanda na san za su ce duk wanda ya taɓa seti ya yi maguɗi, kowa ya buga da Classic.

Sadiƙu Bolari: Canza wurin maɓalli ba maguɗi ba ne, gudu ɗaya ne ko a dama ko a hagu. Amma in ya kunna Auto Switching ko aka sa masa Two Button, nan kam gem ɗin yana taya shi, ni ba zan yarda a gasa mai kuɗi ba.

Babawuro: To wanda ba zai iya wasa ba sai da shi fa? A ce ya zauna ya yi kallo? A buɗe wa kowa, wanda yake ganin taimako ne shi ma ya kunna mu gani ko zai ci.

Malam Usman Mai Gyara: Two Button yana rage maka zaɓi ne, gem ke yanke maka irin fasin da za ka yi, gwani ba zai so shi ba. Amma ku tara waɗanda za su shiga ku yanke kafin a karɓi kuɗin kowa, kada sai an fitar da wani a zo ana rigima. Ɗanjuma, ka duba min yatsun nan biyu na ƙarshe ko yana iya matse abu da su, in yana iyawa zan tambayi masu kawo min kaya daga Kano ko za a samu na bayan fad ɗin.